Zolayar shekaru a saƙon ranar haihuwa: ina dariya ke ƙarewa, ina ciwo ke farawa?

Me ya sa mutum zai tura wa ɗan'uwansa saƙon taya murnar ƙarin shekara, ya haɗa da ɗan wasa irin wanda suka saba tun suna yara, amma a wayi gari ana gaba? Tambayar ta fara yawa a garuruwanmu tun da waya ta shiga hannun kowa. A ƙauyukan Ringim da Gaya da Ɗambatta, yawancin iyayenmu ba su san ranar da aka haife su ba, sai dai su ce shekarar canjin kuɗi ko shekarar da aka kashe Murtala. Yanzu kuwa Facebook na tuna wa jama'a ranar haihuwar kowa, zauren dangi na WhatsApp ya cika da hotuna, a ƙarƙashin kowane hoto kuma akwai mai rubuta "tsufa ya zo". Wani ya yi dariya, wani ya yi shiru ya daina amsa sallama. Mutane da yawa na ɗauka matsalar ita ce ambaton shekaru. A ganina adadin shekarun ba shi ne ke yin ciwo ba. Abin da adadin ke janyowa a zuciyar mai karɓa shi ne ke yi, sai kuma wanda ya faɗa da waɗanda aka faɗa a gabansu.

Barkwanci, zolaya da gori

Kafin a yi maganar sassautawa sai an raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Barkwanci wasa ne da al'ada ta riga ta ba wasu mutane izinin yi da juna. Taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, suna yi, har da kuɗin shara a watan cika-ciki. Jika na yi da kaka, ƙanin miji na yi da matar yayansa, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. A irin wannan alaƙa kowa ya san ba a fushi, kuma wanda aka taɓa yana da damar ramawa nan take. Zolaya ita ce tsokanar da abokai da sa'o'i ke yi ba tare da wani izinin al'ada ba, sai sabo da yarda da ke tsakaninsu. Gori kuwa shi ne tuna wa mutum abin da ya rasa ko ya kasa. Gori yakan sa rigar zolaya, har mai yinsa ma wani lokaci bai san ya yi ba.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Peter McGraw da Caleb Warren, sun fitar da wani bayani a 2010 kan abin da ke sa dariya. Sun ce dariya na zuwa ne idan an ɗan keta wata iyaka, amma a lokaci guda mai saurare ya ga ketawar ba ta da cutarwa. Idan babu ketawa, magana ta zama lami. Idan kuma cutarwar ta tabbata, dariya ta gudu. Wannan ya yi daidai da abin da kakanninmu suka tsara. Jika kan ce wa kakarsa yaushe za ta tafi su ci gumba, ita kuma ta kai masa duka da mafici tana dariya. Maganar mutuwa ce ƙarara, amma alaƙar ta cire mata dafi. A sa maganar nan a bakin suruka ko ɗan maƙwabta, a ga abin da zai biyo baya.

Abin da shekaru ke janyowa

A wajenmu shekaru ma'auni ne da jama'a ke auna mutum da shi. Idan aka ce budurwa ta kai 30, abin da kunnen ƙauye ke ji shi ne har yanzu tana gidan ubanta. Idan aka ce matar aure ta kai 35 kuma ba ta taɓa haihuwa ba, ita lissafin da take yi dabam ne da na mai tura saƙon. Saurayin da ya kai 33 yana zaune a ɗakin soro, ba aiki ba jari, ya ji ana kiransa tuzuru a bayan idonsa sau da yawa kafin ka rubuta masa. Magidancin da gwiwa ta fara hana shi noman da ya saba, maganar "ƙarfi ya ƙare" tana taɓa abincin gidansa ne kai tsaye.

Saboda haka wasan da ya sauka a kan aure, haihuwa, samu, lafiya ko kusantowar mutuwa yana da haɗari ko da tsakanin taubasai ne. Waɗannan abubuwa ne da mutum ba shi da iko a kansu, kuma yana iya kwana yana tunaninsu. Wasan da ya sauka a kan tarihin da kuka yi tare, ko zamanin da mutum ya gani, ko wata ɗabi'a da shi kansa yake yi wa dariya, shi ne mai sauƙi. Wanda aka haifa a 1985 ya girmi jihar Jigawa da shekara 6, tunda a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ka ce masa "ran yayan Jigawa ya daɗe", ka ambaci shekarunsa ke nan, amma ka ɗaga shi ne, ba ka nuna wani giɓi a rayuwarsa ba.

Akwai wani ɓangaren da ake mantawa, wanda ya shafi aljihu. Mutane da yawa a karkara ba a yi musu rajistar haihuwa ba, sai daga baya suka yi takardar rantsuwar shekaru a kotu, shi ya sa za ka ga masu 1 ga Janairu sun yi yawa. Shekarun takarda kan bambanta da waɗanda 'yan'uwa ke ƙirgawa. Ga shi kuma wanda ya wuce 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, ma'aikacin gwamnati kuma a ƙa'idar da aka saba yana ajiye aiki idan ya kai shekara 60 ko ya cika 35 yana aiki. To idan ka rubuta a fili cewa "mu dai mun san ka fi haka, tare aka yi mana shayi", kana iya jefa mutum cikin tuhuma a gaban abokan aikinsa. Wannan wasa ne da ya kamata a bari gaba ɗaya a rubuce, ko da zargin ba gaskiya ba ne.

Rubutu ba shi da murya

Wasan da ya wuce lafiya a dandali yakan lalace a waya, kuma dalilin a fili yake. A dandali akwai murya da fuska, kana faɗa kana kallon idon mutum, da ka ga ya canja sai ka juya maganar. A rubuce babu ko ɗaya. Wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa a 2005 ya nuna cewa masu tura saƙon imel suna cika yarda cewa za a gane gatse ko wasan da suke nufi, fiye da yadda ake ganewa a zahiri. Mai rubutu yana jin muryar kansa yayin da yake rubutawa, mai karantawa kuwa da muryar halin da yake ciki yake karantawa. Idan ranar ta same shi cikin damuwa, da damuwar zai karanta.

Sai kuma taron jama'a. Zauren dangi yana ɗauke da iyaye, surukai, ƙanne, wani lokaci har da kishiyoyi. Taubashinka yana da izinin zolayarka, amma sauran mutum 60 da ke zauren ba su da shi. Da ya buɗe ƙofa sai ƙaramin yaro ya saka alamar dariya, wata ta ƙara da nata, abin da ya fara a matsayin barkwanci ya koma taron dangi. Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoton allo da wani ya ɗauka ba ya ɓacewa, kuma yana iya isa gidan da ake neman aure.

Ra'ayoyin da ake da su

Akwai masu cewa matsalar daga tushe take, don bikin ranar haihuwa ba al'adarmu ba ce. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu na hanawa, wasu na ganinsa al'ada ce da ba laifi idan babu saɓo a ciki. Ba hukunci na zo yankewa ba, sai dai saɓanin yana da amfani ga mai tura saƙo. Idan ka san mutum yana cikin masu ƙin abin, kada ka tura masa, balle ka haɗa da wasa.

Akwai masu cewa mutanen yanzu sun cika saurin fushi, da can ana faɗin abin da ya fi haka. Suna da gaskiya ta wani gefe, don barkwanci yana riƙe zumunci, kuma gidan da aka daina wasa yakan yi sanyi. Amma da can baki da baki ake yi, tsakanin waɗanda al'ada ta haɗa, kuma iska ke ɗauke maganar. Akwai kuma masu cewa a daina wasan shekaru kwata-kwata, a tsaya ga addu'a. Wannan ya fi aminci, sai dai abokin ƙuruciya da ya samu busasshiyar addu'a irin wadda ake tura wa kowa yakan ji kamar an yi nesa da shi. Ni ina tsakiya: a yi wasan, amma mai yinsa ya ɗauki nauyin inda zai sauka.

Addini ma bai hana raha ba, izgili ya hana. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙubba. A cikin Shama'il na Imam Tirmizi akwai ruwaya daga Hasanul Basri cewa wata tsohuwa ta roƙi Annabi (SAW) ya yi mata addu'ar shiga Aljanna, sai ya ce mata tsohuwa ba ta shiga Aljanna. Ta juya tana kuka, sai ya ce a sanar da ita cewa ba za ta shiga tana tsohuwa ba, ya karanta ayoyin Suratul Waƙi'a da ke cewa za a sake halittarsu a mayar da su 'yan mata. Raha ce a kan shekaru, babu ƙarya a cikinta, ƙarshenta bushara, kuma ba a bar matar ta tafi da ɓacin rai ba.

Misali: saƙo ɗaya, gyara huɗu

A ɗauka akwai wani saurayi mai shekara 29 da ke sayar da kayan waya a kasuwar ƙauyensu. Taubashiyarsa, 'yar gwaggonsa, malamar firamare ce, yau ta cika 32, ba ta yi aure ba. Sun saba wasa sosai. Ga abin da ya fara rubutawa da niyyar sakawa a zauren dangi:

"Tsohuwa an ƙara shekara! 32 fa, har yanzu muna jiran shinkafar biki. A taimaka a rage mana kwantai."

Shi a ransa wasa ne. Amma a duba abin da ke ciki. Ya bayyana adadin da ita ba ta bayyana ba. Ya ɗaura adadin a kan aure. Ya yi amfani da kalmar kwantai, wadda ake faɗa wa kayan da suka rasa mai saye. Babu addu'a ko ɗaya. Kuma mahaifiyarta tana cikin zauren, ita ma za ta karanta.

Gyaran farko shi ne cire abin da ba ta da iko a kansa. Maganar biki da kwantai su fita gaba ɗaya, ba a sassauta su. Mutane kan yi zaton idan suka jera alamun dariya uku ko suka ƙara "wasa nake" to sun gyara. Ba su gyara ba, sun dai hana ta damar nuna ɓacin rai ne, don da ta yi magana za a ce ba ta san wasa ba. Har addu'ar "Allah Ya kawo miji nagari" idan aka yi ta a zaure a irin wannan rana, nuni ce ga abin da ake so a kauce wa. Addu'a ce mai kyau, amma ya yi mata ita a sujadarsa, ko ya bari sai ita ta kawo zancen.

Gyara na biyu shi ne adadin. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ka rubuta shekarun da mai ranar bai rubuta da hannunsa ba. Idan ta saka hoto ta ce "Alhamdulillah, 32", ta buɗe ƙofa. Idan ta ce "Alhamdulillah, an ƙara shekara" kawai, to ta rufe, kai ma ka bar ta a rufe.

Gyara na uku shi ne nemo wa wasan wani wurin sauka. Ya tambayi kansa, wace magana ce ita kanta take ba mutane labari tana dariya? Sai ya tuna kullum tana cika baki cewa ita ta goya shi, ita ta fara kai shi makarantar allo, ita ke cinye masa rabin ƙosai a hanya. Nan akwai shekaru, tunda ana nuna ta girme shi, amma girman ya zama abin alfahari. Kuma ya sa kansa a ciki, domin idan ita ta tsufa, shi da ke bin ta da shekara 3 bai tsira ba.

Gyara na huɗu shi ne tsari. Wasa ya zama jimla ɗaya, a tsakiya, gaisuwa a gabansa, addu'a ta gaske a bayansa, domin abin da mutum ya karanta a ƙarshe shi ke zama a ransa. Saƙon ya koma haka:

"Yaya Malama, barka da ƙarin shekara. Ke kika goya ni, ga shi ni ma har na fara ganin furfura, don haka girman na bar miki, amma bashin ƙosaina na hanyar makarantar allo yana nan ban yafe ba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a koyarwar da kike yi, Ya biya miki buƙatunki na alheri."

Har yanzu an zolaye ta. An ce ta girme shi, an ce ta ci bashi. Tana da abin ramawa, za ta iya cewa kuɗin goyo ya fi kuɗin ƙosai, ya kawo ciko. Wannan ita ce alamar wasa mai lafiya, wanda aka yi wa yana da amsar da za ta sa shi ya ci nasara. Saƙon farko ba shi da irin wannan amsa, don me za ta ce game da kwantai? "Buƙatunki na alheri" kuma ya ƙunshi auren ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Ya rage inda zai tura. Wannan na biyun zai iya shiga zaure ba matsala. Da yana son wasa mai ɗan zafi, kamar ya ce ta kusa fara neman tabarau kafin ta duba littafin ɗalibai, sai ya tura mata ita kaɗai, kuma saƙon murya ya fi, don ta ji dariyar da ke cikin muryarsa.

Idan mai ranar babba ne

Ga na gaba da kai hanyar ta fi ƙunci. Baba, Inna, Kawu, Baffa, Gwaggo, suruki da malaminka ba abokan wasa ba ne, ko da su suka fara yi wa kansu dariya. Idan Kawu ya rubuta cewa tsufa ya kama shi, amsarka ita ce Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a gama lafiya, ba ka taya shi wasan ba. Kaka ce kaɗai ƙofar wasanta a buɗe take, ita ma da sharaɗi. Jika zai iya cewa "amaryata an ƙara shekara, har yanzu ban ga wadda ta kai ki ba", ya tura a saƙon murya a kunna mata. Amma zancen gumba, idan tana kwance ba lafiya ko ba a daɗe da rasa sa'arta ba, a ajiye shi. Kuma kada a rubuta shi a inda 'ya'yanta za su karanta, domin wadda kake kira amarya, su mahaifiyarsu ce.

Tsakanin miji da mata kuwa, wasan da ya fi kowanne ɓarna shi ne haɗa shekarunta da ƙarin aure. "Kin tsufa, lokacin amarya ya yi" magana ce da maza ke ɗauka raha, amma tana taɓa tsoron da mata da yawa ke ɗauke da shi da gaske. Maigida da ke son raha ya juya ta kan shekarun da suka yi tare da irin haƙurin da aka yi da shi.

Yadda ake gane an yi ciwo, da yadda ake gyarawa

Bahaushe ba ya cika cewa "ka ɓata min rai", musamman mace ga ɗan'uwanta. Alamun a ɓoye suke zuwa. Wanda ya saba ramawa sai ya amsa da "na gode" kawai. Ko ya amsa wa kowa ya tsallake naka. Ko ya ce "haka ne", "Allah Ya kyauta", "komai lokaci ne". Ko ya cire hoton da ya saka kafin yamma. Idan kuma wata 'yar'uwa ta shigo zauren tana cewa a bar zancen, to an riga an yi magana a bayan fage.

Da ka ga haka, fara da goge saƙon ta hanyar Delete for everyone tun lokacin da manhajar ta bayar bai ƙare ba, don masu ƙarawa su rasa abin ɗorawa. Kada ka rubuta doguwar ban-haƙuri a zauren, hakan yana sake jawo idon kowa kan abin da mai ranar, a ce taubashiyar nan ta misalinmu, take so a manta. Kira ta a waya, ko ka taka har gida idan gari ɗaya kuke. Ka ce, "Yaya, maganar da na rubuta ba ta dace ba, ki yi haƙuri." Ka tsaya nan. Kada ka bi da "ai kin san wasa ne" ko "ban zaci za ki ɗauka da zafi ba", domin wannan yana mayar da laifin kanta. Idan ta ce ba komai, ka karɓa, amma kada ka ɗauka an buɗe maka ƙofar maimaitawa baɗi. Idan kuma maganar ta riga ta kai kunnen mahaifiyarta, ita ma sai ka je ka gaishe ta ka ba ta haƙuri dabam, don a irin wannan zance uwa kan riƙe abin bayan 'yar ta yafe.